Jawabin Dattijo Kafin Waƙar Rufewa, Wusasa

Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Fasto, na gode da ka ba tsoho fili. 'Yan kwaya, ku dakata tukuna, kada ku ɗauki murya.

Waƙar nan ta "lafiya" da lambarta ke jikin allo, wadda a Turance ake kira "It Is Well with My Soul", tun muna yara muke rera ta a nan Wusasa, amma sai da na yi furfura na san daga inda ta fito.

Wanda ya rubuta ta sunansa Horatio Spafford, lauya ne a birnin Chicago ta Amurka, mai abin hannunsa. A 1871 gobara ta cinye birnin, dukiyarsa mai yawa ta bi wuta. Bayan shekara biyu, a watan Nuwamba na 1873, ya shirya kai iyalinsa Turai su huta. Wani aiki ya riƙe shi, sai ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwa, ya ce su yi gaba, yana nan tafe. A tsakiyar teku, cikin dare, wani jirgi ya buge nasu. Cikin minti 12 ya nutse. Mutum 226 suka rasu, har da yaran nan duka huɗu. Iyaye mata, ku kun fi ni sanin nauyin wannan magana.

Da aka kai Anna gaɓa a Cardiff ta Birtaniya, ta buga wa mijinta waya cewa ita kaɗai ta tsira. Ya shiga jirgi ya bi ta. An ce da suka kai wajen da abin ya faru, matuƙin jirgin ya nuna masa, kuma daga wannan tafiya waƙar ta fito.

Mu Hausawa ko gawa na kwance a ɗaki, aka gaishe mu, "lafiya lau" muke cewa. Matar nan ta Shunem ma, a Sarakuna na Biyu sura 4, ɗanta na kwance matacce ta amsa da "lafiya". To, ku duba baitocin da kyau. Spafford bai ɓoye baƙin cikinsa ba, ya kwatanta shi da raƙuman teku. Abin da ya ce yana lafiya shi ne ransa, domin an kafa zunubinsa a kan gicciye.

Muryar kuwa Philip Bliss ne ya sa mata, ta fito a 1876. Kafin shekarar ta ƙare shi da matarsa suka mutu a haɗarin jirgin ƙasa. Ni da na yi aikin reluwe a Sabon Gari har na yi ritaya, wannan wurin yakan taɓa ni.

Roƙo ɗaya nake yi: matasa masu ganga, yau kada ku yi mana gudu da ita. A ja ta a hankali. Mu tashi tsaye.