Tsarin lokutan aikinmu da ke daga Litinin mai zuwa

Assalamu alaikum Hadiza,

Da fatan kina lafiya, ya yara da maigidan? Ya baƙunta? Allah Ya sa kun fara sabawa da garin.

Kafin komai, ki yi mini afuwa game da kiran ranar Talata. Na shigo ofis ƙarfe 9, na ga rahoton kuɗin wata bai cika ba, sai kawai na danna lambarki kamar dai har yanzu kina Gwarimpa. Sai da na ji muryarki cikin magagin barci, ga kukan jaririya a gefe, sannan na tuna ƙarfe 4 na dare ne a Toronto. Abin ya tsaya mini a rai har yamma. Na kuma lura kina amsa saƙonnin da muke turawa da safenmu nan take, wato kina kwana da waya a hannu. Ban so haka, don ba za ki jure ba, kuma aikin ne zai sha wahala daga baya.

Ga yadda za mu yi. Yanzu Abuja na gabanku da awa 5. Muna buɗe ofis ƙarfe 8, mu tashi ƙarfe 5, Litinin zuwa Juma'a. Ke kuma ki fara ƙarfe 9 na safenku bayan kin kai yara makaranta, daidai da ƙarfe 2 na rana a nan, mun idar da Azahar kowa ya koma kujerarsa. Daga 2 zuwa 5 agogonmu, wato 9 zuwa 12 naku, shi ne lokacin da muke tare. Duk wani taro ko tambayar da ke son a yi magana baki da baki, a nan za a saka ta, ban da 'yan mintunan da muke fita La'asar. Sauran awanninki kuwa ki tsara su yadda ya yi miki, ba zan bi ki da ƙirga ba muddin aiki na fita.

Inda nake so ki kula sosai shi ne Lahadin farko na watan Nuwamba, ranar da za ku mayar da agogo baya da awa ɗaya. Mu a Najeriya ba ma taɓa namu, don haka tazarar za ta koma awa 6 har zuwa Lahadi na biyu na watan Maris. Ƙarfe 9 ɗinku zai zama 3 a nan, lokacin haɗuwarmu ya rage awa biyu kacal. Na yi tunanin mu ƙara zama zuwa 6, amma Musa a Mararaba yake, kin kuwa san cunkoson Nyanya da yamma. Ban kuma yarda ki fito da yara da duku-duku cikin sanyin can saboda mu ba. Awa biyun za su isa in muka daina ɓata su da surutu. Taron mako zai koma Talata ƙarfe 3. Ranar Juma'a babu taro.

Batun amsa saƙo: a cikin lokacin haɗuwa, abin da aka turo a zauren WhatsApp a amsa shi cikin rabin awa, ko da “na gani, zan duba” ne. Imel kuma kina da yinin aiki ɗaya. Abin da ya shigo miki da dare ya jira safiya, mu ma haka. Kiran gaggawa dalili biyu ne kawai ke halatta shi, albashi ya maƙale ko aikin da za a miƙa wa mai shi a ranar, kuma ko shi ba kafin 7 na safenku ba. Ni kaɗai zan kira, na riga na faɗa wa kowa.

Abu ɗaya nake roƙo a wurinki. Kullum kafin ki rufe kwamfuta, ki bar mana layi uku ko huɗu: abin da kika gama, inda kika tsaya, da abin da kike jira daga wa. Da shi za mu fara safiyarmu maimakon mu zauna jiranki har rana. In za ki ambaci lokaci, rubuta na nan da na can gaba ɗaya. Idan kuma kika ji mu shiru a lokacin haɗuwa, to wuta ce ko intanet, Bilkisu za ta turo miki tes.

Hutun Sallah da na 1 ga Oktoba da sauran na gwamnatin tarayya duk naki ne kamar kowa. Na can da makarantar yara ke rufewa, ki sanar da ni mako guda kafin ranar. In azumi ya matso sai mu sake zama.

Ki duba, in akwai inda ya takura miki ki gaya mini kafin Alhamis, kada ki ji nauyi. Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Hajiya Rabi
Wuse II, Abuja