Rabon Gidan Ƙofar Marusa

Bayan sadakar arba'in ɗin Malam Sani da 'yan kwanaki, yayansa Alhaji Lawal ya yi sallama a zauren gidan da ke Ƙofar Marusa. Ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai hau ba. Hadiza ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ƙaramar 'yarta Ummi na goye a bayanta.

"Dangi sun zauna," in ji shi. "Gidan nan za a sayar. Ki haɗa kayan ɗakinki kafin ƙarshen wata ki koma gidanku Rafindaɗi. Yaran kuma ni zan riƙe su."

"To, Yaya," ta ce. Abin da bakinta ya saba faɗi ke nan tun da aka kawo ta amarya.

Shekarunta 26. A gabanta marigayin ya sayi filin a 2016, da ribar shagonsa na atamfa a babbar kasuwa. Ɗaki ɗaya suka fara tayarwa, damina biyu suna tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo. A 2019 ta cire sarƙarta da 'yan kunnen zinari, ta haɗa da kwasar adashenta, naira 400,000 cif, aka sayo kwanon rufi. Ya ce mata rance ne, zai biya. Hatsarin mota a hanyar Kano ya riga shi.

Ta kai maganar ga mahaifiyarta, tsohuwar ta ce ta yi haƙuri, mace ba ta ja da dangin miji, kada a ce kwaɗayin gida ya sa ta manta da mamaci. Wannan tsoron na "kada a ce" ya raba mata da yawa da abin da Allah da kansa ya yanka musu, kuma sau tari masu ƙaunarsu ne ke tsoratar da su.

Ranar Alhamis Malama Rabi ta Islamiyyarsu ta zo duba ta, ta tarar tana ƙulle tukwane cikin buhu.

"Ina zuwa, Hadiza, kina cikin takaba?"

Ta kwashe labari ta faɗa mata. Malama ta yi salati, ta jawo ta suka zauna.

"Kwance buhun nan. Takabarki wata huɗu da kwana goma ce, kuma a wannan gidan za ki yi ta, tunda mallakar mijinki ne. Babu mai fitar da ke. Wa da wa ya bari?"

"Ni, da Inna mahaifiyarsa, da yaron nan, da Ummi."

Ba ta ambaci sunan Abba ba, ɗan fari ne.

"To Alhaji Lawal ba shi da ko allura a gādon nan. Ɗa namiji yana shamakance 'yan'uwan mamaci. Ke kina da tumuni, ɗaya bisa takwas. Inna tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Saura na yara ne, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ki karanta da bakinki. Ki kuma duba ta 10 ki ga abin da aka tanadar wa mai cin dukiyar maraya."

Hadiza ta karanta, muryarta na rawa. Ta sha wuce ayoyin nan a tilawa, ba ta taɓa jin da ita suke magana ba sai yau.

"Malama, ni kunya nake ji in kai yayan mijina gaban alƙali."

"Da rabonki ne kaɗai, kina iya yafewa, ki samu lada. Na marayu fa? Ba naki ba ne balle ki kyautar. Kuma zinarinki bashi ne, bashi kuwa shi ake fara cirewa kafin a raba komai. Akwai wanda ya sani?"

Akwai. Malam Iro maƙwabcinsu ne ya kai zinarin kasuwa, a gabansa marigayin ya ce zai biya.

Ba ta yi gaggawar zuwa kotu ba. Kawunta Malam Bishir ya sami mai unguwa da limamin unguwar, aka kira Alhaji Lawal don a yi sulhu. Sai ya zo da sabuwar magana: wai filin na mahaifinsu ne, aro aka ba Sani ya gina. Da ya ga zaman bai yi masa daɗi ba ya kaɗe rigarsa ya fita. Bayan kwana biyu aka ga dillali yana zagaya katangar gidan da wani baƙo.

A daren nan Hadiza ta buɗe akwatin mijinta, wanda ta kasa taɓawa tun rasuwar. Ƙarƙashin manyan rigunansa ta sami takardar sayen filin cikin leda, da sunansa, da sa hannun mai sayarwa da shaidu, da hatimin mai unguwa. Ta sa aka yi mata kwafi, ta ba Kawu ainihin takardar ya ajiye. Malama ta riga ta gaya mata mai takaba na iya fita da rana don lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Washegari ta sa hijabi, Kawu ya raka ta babbar kotun shari'ar Musulunci, suka shigar da ƙarar neman rabon gādo.

A zaman farko alƙali ya hana a sayar ko a taɓa komai. A na biyu ya tambayi Alhaji Lawal shaidarsa cewa filin na uba ne. Ya ce kowa ya sani. Alƙali ya ce a kawo mutum biyu daga cikin kowan, ba a samu ba. Aka karanta takardar saye. Malam Iro ya ba da shaida kan zinarin, kuma da yake magana ce ta dukiya, alƙali ya karɓi shaida ɗaya haɗe da rantsuwarta. Ta yi alwala ta rantse, ba ta yi in-ina ba.

Masu ƙiyasi suka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 6.5, kayan shago miliyan 1.1. Aka cire bashinta, saura miliyan 7.2, aka kasa kashi 72: Hadiza 9, Inna 12, Abba 34, Ummi 17. Renon yara ya zauna a hannun uwarsu. Rabonsu kuma aka damƙa kulawarsa ga ita da Kawu Bishir, da sharaɗin ba za a sayar ba sai da izinin kotu.

Abin da ya rage shi ne rabon Inna, naira miliyan 1.2. In ta nace sai an ba ta daga gidan, to sai an sayar. Hadiza ta je da kanta, ta durƙusa.

"Inna, ba don in tozarta ku na je kotu ba."

Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi kafin ta yi magana. Ta ce Lawal ya gaya mata Hadiza aure za ta yi, ta shigo da wani ƙato gidan ɗanta, shi ya sa ta yi shiru. Ta amince ta karɓi kayan shagon, Hadiza ta cika mata naira 100,000, gida ya zauna wa jikokinta. Aka koma gaban alƙali aka rubuta, kowa ya sa hannu.

Alhaji Lawal bai sake taka gidan ba, matansa ma suka daina gaishe ta a wurin biki. Abin ya dame ta ƙwarai, don yara na tambayar baffansu, kuma duk Sallah tana tura su gaishe shi.

Da ta fita takaba ta gyara ɗakin zaure ta sa keken ɗinki, ta biya Inna cikon kuɗinta kashi-kashi kafin shekara ta zagayo. Ta koma Islamiyya, ta roƙi Malama Rabi a sa babin gādo cikin karatun matan aure na ranar Asabar. Malama ta ce za a sa, amma da sharaɗin ita ce za ta riƙa yi musu lissafin a allo.