Jawabin Shugaban Ƙaramar Hukuma a Ranar Kama Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, zaɓaɓɓun kansiloli, ma'aikatan ƙaramar hukuma, iyayena maza da mata, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode wa Allah, na gode muku. Wanda ya zaɓe ni da wanda bai zaɓe ni ba, daga yau haƙƙinku ɗaya ne a wuyana.

Ba zan tsare ku a rana ba. Abu biyu na zo da su, tsaftar muhalli da kiwon lafiya a matakin farko, kuma a wurina aiki ɗaya ne.

Lokacin yaƙin neman zaɓe, dare ya taɓa yi mana a wani ƙauye, muka biya ta asibitin mazaɓar. Na tarar da ungozoma tana karɓar haihuwa, ta riƙe waya a baki tana haskawa, domin babu wuta. Ruwan da za ta wanke hannu, mijin matar ne ya ɗebo shi a jarka. A baranda kuma wata baiwar Allah ce zaune, ta rungume ɗanta da amai da gudawa suka galabaitar, idanunsa sun faɗa. Washegari na ga rijiyar da unguwarsu ke sha. Tsakaninta da kwatar da ta toshe da leda bai kai taku goma ba. Ciwon yaron nan daga kwatar ya taso, kuma ko buhun magani muka kai asibitin, zai sake dawowa matuƙar kwatar tana nan.

Saboda haka daga shara za mu fara. Wannan ba alfarma ba ce: tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙaramar hukuma. Kafin ruwan farko ya sauka za mu yashe manyan magudanun ruwa, mu kwashe bolar bayan kasuwa da ta bakin tasha. Duba-gari za su dawo zagaye gida-gida, da mahauta da wuraren sayar da abinci. Amma ba za mu ci tarar kowa ba sai mun ware wurin zuba shara a unguwarsa, don ba adalci ba ne ka hana mutum zubarwa ba ka nuna masa inda zai kai ba. Za mu gina banɗakuna a kasuwa da tasha da makarantun firamare, domin bahaya a fili shi ne babbar ƙofar kwalara.

Sai asibitocinmu. Mazaɓu goma sha ɗaya gare mu, kuma ina son kowace ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki dare da rana. Fenti da allo a bakin ƙofa ba su ne asibiti ba. Ina nufin ruwa, wutar sola, firijin da zai riƙe allurar rigakafi da sanyinta, ungozoma mai ɗakin kwana a kusa, da magungunan yau da kullum: na zazzaɓin cizon sauro, ruwan gishiri da sukari, da na masu juna biyu. Ma'aikacin da ya tsaya a bakin aikinsa, zan tsaya masa a kan haƙƙinsa. Wanda sai ƙarshen wata ake ganin fuskarsa, ya sani zan riƙa zuwa ba sanarwa.

Iyayena maza, a nan ina roƙonku. Ku bar matanku su je awon ciki, ku kai yara rigakafi. A shekarar 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, kuma sarakunanmu da malamanmu da matan da suka bi gida-gida ne suka yi wannan aikin. Irin wannan haɗin kai nake nema a kan ƙyanda da sauran cututtukan yara.

Na san za ku ce, ina kuɗin? Kuna da gaskiya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk abin da ya shigo hannunmu, da abin da muka kashe a kan waɗannan ayyuka, za a liƙa shi a allon sakatariya duk bayan wata uku, kowa ya zo ya karanta.

Kansiloli, nan da mako biyu kowannenku ya zauna da kwamitin ci gaban mazaɓarsa, ya kawo mini a rubuce halin da asibitinsa da rijiyoyinsa ke ciki. Ranar Asabar mai zuwa kuma, ƙarfe bakwai na safe, ina bayan kasuwa da sheburina. Mai tsintsiya ya zo da ita, mai baro ya turo.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Wassalamu alaikum.