Shafi na 3: Sharuɗɗan ingancin yarjejeniya

Ƴan uwa, ga na ukun. Shafi 26 ne darasin a littafina, na matse shi ya koma ɗaya. Tarihin dokar Romawa da malam ya yi kwana biyu a kai na cire shi, amma lambar aya ko ɗaya ban taɓa ba, don da ita ake kafa hujja.

Tushen maganar aya ta 1108 ce ta Kod Sibil, kundin dokokin mu'amala tsakanin mutane, wanda Nijar ta gada daga na Faransa na 1804. Abu huɗu take nema: yarda, cancantar mai ƙullawa, abin da aka ƙulla a kansa, da dalili halattacce. A kula, Faransa ta sake fasalin wannan babi a 2016, don haka kada a kwafo sababbin lambobinsu daga intanet. Namu na nan yadda yake.

Yarda ita ce ta fi nauyi. Aya ta 1109 ta ce abu uku ke ɓata ta: kuskure, tilas, yaudara. Kuskure sai ya shafi ainihin abin (1110): kin sayi ƴan kunne a kan zinariya ne, ashe tagulla ce, mai sayarwar ma bai sani ba. In kuwa ya sani, ya shafa musu ruwan zinariya don ki saya, an shiga yaudara (1116), kuma ke za ki kawo shaida, alƙali ba ya ɗaukarta da zato. Mai atamfa a Kasuwar Dole da ya ce tasa ta fi ta kowa bai yi yaudara ba, kirarin kasuwa ne.

Tilas na 1111 da 1112. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 1114: jin nauyin uwa ko uba kaɗai, ba tare da an yi barazana ba, bai isa a rushe yarjejeniya ba. Saurayin Damagaram da ya sa hannu don ba ya iya ɗaga ido gaban baba, doka ta ce ya yarda. Ku riƙe wannan da kyau.

Cancanta: kowa na iya ƙullawa sai wanda doka ta hana (1123), kamar ƙaramin yaro. Abin ciniki ya zama wanda aka halatta saye da sayarwarsa (1128). Dalilin ƙarya ko haramtacce ba ya haifar da komai (1131, 1133).

Sakamako: in yarda ko cancanta ce ta samu matsala, wanda aka cuta ne kaɗai ke neman rushewa, kuma sai ya kai ƙara (1117). In haramci ne, duk mai ruwa da tsaki na iya nema.

Hadiza, shafi na 4 naki ne, ki fara da 1134. A kawo shi ran Asabar bayan la'asar.