Saƙon neman alfarma kan jinkirin kuɗin haya

Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, barka da warhaka. Ina fatan an tashi lafiya, da Hajiya da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka Musa ne, tela, mai zama a ciki da falon da ke ɓangaren baya a gidanka na Hotoro. Kafin komai ina neman afuwa kan saƙon da na turo jiya da daddare. A tsaye na rubuta shi a bakin shago, raina a dagule, ban ko sake dubawa ba na tura. Da safen nan na nuna wa yayana, ya karanta ya ce ko sallama babu a ciki, kuma kalmar "ka jira" da na rubuta ba magana ce da ɗa zai faɗa wa uba ba. Har adadin kuɗin ma na yi kuskure, na sa 15,000 a inda nake nufin 150,000. Don Allah a yi watsi da wancan, a ɗauki wannan.

Na san kuɗin hayar shekara, naira 350,000, ya kamata ya shiga hannunka tun ranar 1 ga wannan wata. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da wucewar wa'adi, kuma laifina ne da ban zo na yi bayani tun kafin ranar ba, sai da wakilinka ya yi sallama da ni sau biyu. Kunya ce ta hana ni.

Abin da ya faru shi ne, kuɗin da na tara saboda haya sun tafi asibiti. Kamar yadda aka sanar da kai, maiɗakina ta haihu a watan Janairu, amma sai da aka yi mata tiyata, ta kwana tara a kwance. Kuɗin aikin da na magani da hidimar suna suka cinye fiye da rabin abin da na ajiye. Ana cikin haka injin surfanina ya tsaya, na yi mako biyu ina kai aikin mutane shagon wani muna raba ladan. Alhamdu lillahi, ita da jaririyar suna samun sauƙi, injin ma an gyara shi ranar Asabar.

Ga abin da zan iya, idan ka amince. Jibi Juma'a, 14 ga wata, zan kawo naira 150,000 bayan an sauko daga masallaci, domin ranar ce kwasata a adashin da muke yi. Ranar 15 ga Maris zan ƙara 100,000. In Allah ya kai mu, lokacin azumi ya kai tsakiya, ɗinkin Sallah ya kankama, masu kaya sun fara ba da kafin alƙalami. Cikon 100,000 kuma zan kawo ranar 5 ga Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, lokacin da masu karɓar ɗinki suka gama biya. Na zaɓi waɗannan ranaku ne don na san zan iya cika su. Da na ce ƙarshen wannan wata zan biya duka, da na yi maka alkawarin da ba na da tabbacinsa.

Sai maganar gyaran famfo da na ambata jiya, inda na ce zan cire naira 18,000 daga kuɗin haya. Na janye wannan magana. Ban nemi izininka ba kafin na kira mai gyara, saboda haka ba ni da hurumin cire ko sisi. Rasit ɗin yana wurina, zan zo da shi ka gani, duk abin da ka yanke ya yi.

Shekara huɗu ke nan ina zaune a gidan nan, ban taɓa kai wa ga haka ba, kuma ba na mance yadda ka bar mana kuɗin a yadda yake bara, alhali maƙwabta duk an yi musu ƙari. Idan tsarin da na kawo bai yi maka ba, a sanar da ni lokacin da zan same ka a gida, in zo tare da yayana mu zauna, shi ma ya tsaya mini a matsayin shaida. Idan kuma an fi son in tura ta banki, sai wakilinka ya ba ni lambar asusun da za a sa.

A gaida Hajiya. Maiɗakina na godiya da turamen atamfar da ta aiko ranar suna.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Ɗanka,
Musa Tela