Sanarwar Ma'aikacin Watan Nuwamba

Daga ofishin Manaja zuwa ga dukkan ma'aikatan injin casar shinkafa, na rana da na dare
Litinin, 1 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da aiki.

Kwamitin zaɓe ya zauna ranar Asabar da ta wuce, ya duba sunaye bakwai da sassa suka miƙo, kuma ya tsayar da Malam Habu na sashen sikeli a matsayin ma'aikacin watan Nuwamba. Muna taya shi murna. Allah ya ƙara masa lafiya da albarka a cikin abin da yake nema.

Zan faɗi dalilin filla-filla, domin wannan kyauta a kan wani aiki guda aka ba da ita, wanda aka yi a cikin watan Nuwamba. Ba wai an jera ma'aikata 46 da ke gidan nan an ce wane ya fi wane ba ne.

A daren Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan sallar isha'i, tirela ta shigo da shanshera buhu 300. Kun san yadda kaka take: motoci a layi har bakin titi, direbobi na gaggawa, kowa ya gaji. Malam Habu ya soka buhunan da ke sama, na'urar gwajin danshi ta nuna kashi 14 cikin ɗari, daidai yadda muke so. Ƙa'ida ta ce a ɗebo samfur daga tsakiya da ƙasa ma, sai ya sa aka sauke layi uku ya sake gwadawa. Can ciki danshin ya kai kashi 20. Ya tura hannu cikin buhu ɗaya, ya ji hatsin da ɗumi, alamar ya fara gumewa. Shanshera irin wannan idan ta shiga sito aka ɗora wasu buhunan a kanta, zafi take yi, ƙwayar ta koma rawaya, ta yi fumfuna, ta kuma shafi wadda ke kusa da ita. Wanda ya kawo kayan ya yi ta magiya a rufe takarda a wuce, har ya miƙa na goro. Malam Habu ya ba shi haƙuri cikin mutunci, bai ɗaga murya ba, ya rubuta abin da na'ura ta nuna, ya kira ni a waya.

Abin da ya biyo baya kuwa aikin mutane da yawa ne, kuma ina son a ji sunayensu. Garba da 'yan dakonsa tara su suka sauke motar a cikin sanyin daren nan, suka ware jiƙaƙƙun buhunan gefe guda. Baba Maigadi shi ya janyo fitila zuwa filin shanya, ya kwana yana zagayawa saboda ɓeraye. Da gari ya waye, Malama Ladi da matan sashen shanya suka baza shansherar a kan siminti, suka yi kwana biyu suna juya ta da manjagara har ta sauko kashi 14. Malam Isiyaku akanta ya zauna da mai kayan suka sake lissafin nauyi, aka biya shi haƙƙinsa cif, ya tafi ba tare da an ɓata ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya yi sanyin jiki, da gwajin da Malam Habu ya yi ya tsaya a takarda kawai. Shi kansa ya faɗa wa kwamiti haka da aka kira shi, kuma ya roƙi a rubuta.

Sauran sunaye shida da aka miƙo ma kowanne da hujjarsa mai ƙarfi. Usman makaniki ya sauya bel ɗin injin fitar da tsakuwa a ranar hutunsa, don kada layi ya tsaya ranar Litinin. Malam Tanko na tukunyar tururi bai makara ko sau ɗaya ba duk watan, kuma aikin turara shanshera aiki ne na tsayuwa a gaban wuta. Hajiya Asabe ta sito ta gano buhu 11 da aka yi kuskuren rubuta su sau biyu. Sale direba ya kai kaya Dawanau da Singa sau da yawa ba tare da buhu ko ɗaya ya yage ba. Rabi ta sashen ɗinkin buhu ta koya wa sababbin ma'aikata biyu aiki. Malam Yahuza na janareta ya riƙe mu a ranakun da babu wuta. An ajiye takardun shida ɗin nan a fayil ɗin kowannensu, kuma za a duba su idan lokacin nazarin ƙarshen shekara ya zo.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna, gara in faɗe shi a nan. Wasu ayyukan ido ba ya ganinsu sai ranar da ba a yi su ba. Mai shara da ke kwashe ɓuntu daga ƙarƙashin inji kafin ya taru, ba wanda zai ce yau ya hana gobara, alhali shi ya hana ta. Masu aikin dare kuma suna tashi kafin mu na ofis mu iso, sai mu tarar da buhuna a jere ba mu ga gumin da aka yi ba. Na duba littafin kyautar, na ga cikin watanni goma sha ɗayan bana sau biyu kaɗai ta je wa ma'aikacin dare. Wannan gazawar tsarinmu ce, kuma ni ne na farko da ya kamata ya lura. Saboda haka daga wannan watan, shugaban aikin dare zai riƙa miƙo suna nasa daban, sashen tsafta ma haka.

Ga yadda ake zaɓen, ga waɗanda suka zo kwanan nan. Kowane sashe yana miƙo suna ɗaya tare da bayanin aikin da mutumin ya yi, da ranar da ya yi shi. Kwamitin mutum biyar ne, biyu daga cikinsu 'yan dako da masu aikin inji ne suka zaɓe su da kansu, kuma ana sauya su duk bayan wata uku. Ni ba na jefa ƙuri'a. Ɗan kwamiti ba ya zaɓe a kan ɗan'uwansa na jini. Wanda ya samu ba zai sake shiga ba sai bayan wata shida. Kuma kowane ma'aikaci yana iya rubuta sunan abokin aikinsa ya saka a akwatin da ke bakin masallaci, ko da daga wani sashe yake. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya faɗa wa Malam Isiyaku da baki, zai rubuta masa.

Kyautar bana ba ta sauya ba: buhun shinkafa mai kilo 25, takardar yabo, da hutun kwana ɗaya da albashinsa. Ba ta shafar ƙarin girma ko ƙarin albashin kowa, waɗannan suna da tasu hanyar. Ban da ita, kamfani zai yi abincin rana ga duk waɗanda suka yi aikin shansherar nan ta 12 ga wata, da mutum shidan da aka ambata a sama.

Idan akwai wanda yake ganin ya yi wani aiki a Nuwamba da bai iso kunnenmu ba, ko ya san wani da aka tsallake, don Allah kada ya bar abin a ransa. Ƙofata a buɗe take ranar Alhamis daga la'asar zuwa magariba, kuma zan dawo bayan isha'i saboda masu aikin dare. Abin da aka faɗa mini a can ba zai fita ba.

Za a miƙa kyautar ranar Juma'a, 5 ga Disamba, da ƙarfe uku na rana bayan an sauko daga masallaci, a filin shanya. Za a tsayar da inji na minti ashirin don kowa ya samu halarta. Akwatin sunayen Disamba zai rufe ranar 27 ga wata.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mu daga haɗarin aiki.

Naku,
Manajan Ayyuka, a madadin kwamitin zaɓe