RABIN GUZURI: sabon littafi, zai fito Juma'ar nan in Allah ya kai mu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da namu na Sudan duk inda Allah ya ajiye ku. Wancan fostin na ranar Talata an cire shi, ƙanina mai riƙe min shafi ne ya zage ya zayyane labarin kaf har da wanda ya rasu a ƙarshe, wai shi a dole talla yake min. Wanda ya riga ya karanta don Allah ya riƙe bakinsa. Ga na gaskiyar.

Shekarar 1951 Hansatu ta baro garinsu a ƙasar Haɗeja, ita da mijinta Malam Sule da jaki ɗaya, da niyyar in sun sauke farali su juyo gida kafin damina biyu. Suka bi hanyar da kakanninmu suka bi, Maiduguri, Fort Lamy, Abeshe, Jinaina, Fashir, har Ubayyid inda ta fara ganin jirgin ƙasa da idonta. Guzuri ya ƙare tun kafin su ga ruwan Nilu, dole suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, daga nan sai Maiurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, to a can ne damina biyu ta koma shekara tara.

Ranar da za a shiga jirgin ruwa a Sawakin, takardarta na ɗauke da sunan yara biyu. A Jidda da yaro ɗaya ta sauka.

Duk gidan ba wanda ya taɓa jin wannan zance sai da jikarta Ummi ta buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakin tsohuwar, can Shara Mansur, tana neman turaren wuta. Ga ɗan tsakure daga babi na uku:

"Kaka, wace ce Rakiya?"

Hansatu ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jan carbinta.

"Kaka da ke nake fa. Ga sunan Baba nan Idirisu, na gane shi, to wannan na ƙasan fa?"

"Ke Ummi, wa ya aike ki cikin kayana? Mayar min da ita yadda kika same ta. Kuma in ubanki ya dawo daga Harami kada ki kuskura."

"To ai shi ne nake tambaya ko..."

"Ya sani," in ji tsohuwar. "Shi ya riƙe mata hannu har bakin ruwa."

Nan zan tsaya. Ina Rakiya ta shiga, me ya sa Malam Sule bai ƙara ambaton Maiurno ba har ya koma ga Allah, kuma wane ne yake aiko da kuɗi kowane azumi ta hannun wani mai agashe ɗan garin Madani na Sudan ba tare da ya faɗi sunansa ba, wannan kam sai kun buɗe littafin. Masu bina inbox suna cewa Anti ki ɗan gutsura mana ko kaɗan ne, wallahi ko Hajiyarmu ban gutsura wa ba, ita ma jira take kamar kowa.

Abin da zan iya faɗa, labarin ƙirƙira ne amma hanyar ba ƙirƙira ba ce, na zauna da tsofaffi a nan Makka da Karantina ta Jidda waɗanda iyayensu suka taka ta da ƙafa, wasu a goye aka shigo da su, kuma in kuna neman soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka to gaskiya ba nan ba ne, ko da yake akwai wata soyayyar a ciki wadda ni kaina sai da na ajiye biro na share hawaye.

Babi 32 ne. Na takarda riyal 30, PDF riyal 15, za a fara turawa bayan sallar isha'i ranar Juma'a. 'Yan Makka da Jidda a kawo muku har gida in kun haɗu mutum biyar a unguwa ɗaya, 'yan Madina sai sati na sama. 'Yan uwanmu na Sudan da yaƙi ya raba da gidajensu tun Afrilun 2023, ku naku PDF ɗin kyauta ne, ku yi min magana kawai, ba sai kun yi wani dogon bayani ba.

Mai so ya rubuta INA SO a kwament zan bi ku ɗaya bayan ɗaya. Kuma don girman Allah wanda ya ɗauki sikirinshot na wancan fostin kada ya jefa shi a gurup.